Murhun gas da regileta: yadda ake zaɓen waɗanda suka dace da juna

Iskar gas ɗin da ke cikin silinda ruwa ce da aka matse, kuma matsin da ke samanta ya dogara ne da irin gas ɗin da kuma zafin wurin da aka ajiye silindar. Idan zafin wuri ya kai digiri 20, daga cikin nau'o'in gas biyu da ake zubawa a silinda, biyuten zalla yana da matsin da ya ɗan haura bar ɗaya a ma'aunin matsi, furofen zalla kuma yana haura bar bakwai, sannan idan zafin ya kai digiri 40 matsin furofen yakan kusanci bar 13. Murhun girki na gida kuwa an ƙera shi ne ya yi aiki da matsin da bai wuce milibar 28 zuwa 50 ba, alhali milibar dubu ne ke yin bar ɗaya. Ke nan abin da ke cikin silinda ya fi abin da murhu ke buƙata sau gommai, wani lokaci sau ɗaruruwa, kuma regileta ce kaɗai ke tsaye tsakanin waɗannan biyun. Saboda haka bai kamata a sayi murhu yau don kyansa, gobe a karɓi duk regiletar da mai kanti ya miƙo ba. Murhun ne ke faɗin irin regiletar da zai ɗauka, kuma yana faɗin hakan a rubuce, a kan ɗan allon bayani da ke manne a bayansa ko a ƙarƙashinsa.

Abu uku ake nema a wannan allo: irin gas, matsi, da jimillar ƙarfin wuta. Irin gas yana zuwa ne da lamba, inda G30 ke nufin biyuten, G31 furofen, G20 kuma gas ɗin bututu da ake janyowa gidaje a wasu ƙasashe, wanda ke aiki da milibar 20. Idan an ga an rubuta 28-30/37 mbar, ma'anarsa murhun yana ɗaukar biyuten a milibar 28 zuwa 30, ko furofen a milibar 37. Akwai murhunan da aka ƙera wa kasuwannin Jamus da Austiriya da Siwizalan, inda aka saba da milibar 50, kuma irinsu sukan faɗa hannun mutane a cikin kayan da aka yi amfani da su. Wanda ya haɗa murhun milibar 30 da regiletar milibar 50 zai riƙa tura masa gas da ya ƙaru da kusan kashi 29 cikin ɗari, domin yawan gas ɗin da ke ratsa huji yana bin tushen murabba'in matsi ne, ba matsin kai tsaye ba, wato sai matsi ya ninku sau huɗu kafin gas ya ninku sau biyu. Sakamakon shi ne wuta mai tsawo da ke ƙoƙarin tashi daga kan murhu, da ƙonewar da ba ta cika ba. Idan aka juya lamarin, wato murhun milibar 50 da regiletar milibar 30, wutar za ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, mai gida kuma ya yi ta zargin gas ɗin da ya saya alhali laifin na haɗin ne.

Kuskuren da ya fi wannan yawa shi ne na nozul. A ƙarƙashin kowane kan wuta akwai ƙaramar ƙusar tagulla mai huji a tsaka, wadda gas ke fitowa ta cikinta da gudu ya janyo iska kafin ya kama. Girman wannan huji shi ke tsaida ƙarfin wutar, kuma ana buga lambarsa a jikin nozul ɗin. A kan wuta mai kilowat 3, hujin gas ɗin silinda yakan kasance wajen milimita 0.85, na gas ɗin bututu kuma wajen milimita 1.15. Bambancin ba ya da yawa a ido, amma filin da huji na biyu ya buɗe wa gas ya kusa ninka na farko. Murhuna da yawa suna fitowa daga masana'anta da nozul ɗin gas ɗin bututu a jikinsu, na silinda kuma a cikin 'yar leda tare da takardar bayani. Wanda ya haɗa irin wannan murhu da silinda ba tare da an sauya nozul ba zai ga wuta ruwan ɗorawa mai tsawo, gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin cikin 'yan kwanaki, ɗakin kuma ya riƙa tara gubar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari balle launi. Sauya nozul aikin ƙwararre ne, domin bayan an sauya sai an daidaita ɗan sukurun da ke cikin maɓallin kowane kan wuta, wanda ke tsaida mafi ƙanƙantar wuta, sannan a manna takardar da ke nuna sabon saitin. Duk murhun da mai sayarwa ya kasa nuna saitinsa a rubuce, a ganina barinsa ya fi.

Kawunan wutar kansu sun kasu gida biyu, kuma haɗarin yana nan ne a wajen gauraya su. Gida na farko shi ne na murhun gida mai ƙaramin matsi. A nan akwai ƙaramin kai mai wajen kilowat 1, wanda ya dace da tukunya mai faɗin santimita 10 zuwa 14 da kuma girkin da ke son wuta kaɗan, sai matsakaici mai wajen kilowat 1.75, sai babba mai wajen kilowat 3 na tukunyar da ta kai santimita 22 zuwa 26, sannan mai zobe biyu ko uku wanda yakan kai kilowat 3.5 zuwa 4. Yawan kawuna bai kai girmansu muhimmanci ba. Gidan da kullum manyan tukwane biyu yake ɗorawa zai fi cin moriyar murhu mai manyan kawuna biyu da tazara mai kyau a tsakaninsu, a kan mai kawuna huɗu da suka cunkushe har tukunya ɗaya ta rufe biyu. Tukunyar da ta fi kai girma sosai tana danne wuta, ta watso zafi kan maɓallai, wadda kuma ta yi masa ƙanƙanta wutar tana zagaye ta ta wuce a banza. Ta fuskar ƙarfe kuwa, kan tagulla ya fi na alminiyum jure zafi da daɗewa bai lanƙwashe ba, kodayake murfin da ya zauna daidai da ramukan da ba su toshe ba sun fi irin ƙarfen tasiri a kan kyan wuta.

Gida na biyu shi ne na babban matsi, wato manyan kawunan baƙin ƙarfe masu ruri da ake ɗora wa manyan tukwane a waje ko a wuraren sana'a. Wasu daga cikinsu suna aiki ne da regileta mai maɓallin juyawa, wadda ke fitar da rabin bar zuwa bar biyu ko ma huɗu. Wannan regileta ba ta da wata alaƙa da murhun gida. Bar ɗaya ya ninka milibar 30 fiye da sau talatin, kuma bawul-bawul ɗin murhun gida da tiyonsa ba a yi su don ɗaukar wannan ba, don haka gas yana iya tsiyaya ta jikin maɓallai, tiyo ya suɓuce, ko wuta ta tashi sama ta mutu gas na ci gaba da kwarara. Akwai masu cewa ai za su rage maɓallin ƙasa-ƙasa, amma hannu ba ya iya saita milibar 30 a kan abin da aka ƙera don auna bar, kuma duk wanda ya taɓa maɓallin cikin rashin sani ya rushe saitin. Kamannin kai kaɗai ba ya nuna gidansa, domin akwai kawunan baƙin ƙarfe masu zobe da ke aiki da ƙaramin matsi, don haka a nan ma rubutun da ke jikin kayan shi ne abin dubawa.

Bayan matsi, lamba ta biyu a jikin regileta ita ce yawan gas ɗin da take iya wucewa da shi a awa ɗaya, wanda a na gida yakan kasance kilo 1 ko kilo 1.5. Lissafin ba shi da wuya, domin kowane kilowat ɗaya yana cin kimanin giram 73 na biyuten a awa, ko giram 71 na furofen. A ɗauki murhu mai kawuna huɗu da obin: ƙarami kilowat 1, matsakaita biyu kilowat 1.75 kowanne, babba kilowat 3, obin kilowat 2.5. Jimilla kilowat 10 ke nan, wato giram 730 a awa idan an kunna komai a ƙure, kuma regileta mai kilo 1 ta isa har da rara. Amma idan murhun mai faɗi ne, wanda aka ƙara masa kai mai zobe uku na kilowat 3.8, obin ɗinsa kuma ya kai kilowat 4, jimillar ta zama kilowat 15.3, abin da ya haura kilo 1.1 a awa. Regileta mai kilo 1 ba za ta iya riƙe matsinta a nan ba, kuma alamar ita ce duk lokacin da aka kunna obin ko babban kai, sai sauran wutar ta dusashe. Irin wannan murhu mai kilo 1.5 yake buƙata. Zaɓen regileta mai rara ba ya ƙara cin gas, tunda nozul ne ke tsaida abin da ake ci, muddin matsin ya dace.

Silindar ma tana da iyakarta, kuma mutane kan ɗora wa regileta laifin da ba nata ba. Kafin gas ya fito sai ruwan da ke ciki ya tafasa ya zama iska, yana kuma janyo zafin da yake buƙata ne ta jikin ƙarfen silindar. Silindar biyuten mai kilo 15 tana iya bayar da kimanin giram 700 a awa a kai a kai a yanayi matsakaici, ƙarama kuma ƙasa da haka, sannan abin yana raguwa yayin da ruwan ke yin ƙasa. Idan aka ja fiye da ƙarfinta, sai a ga raɓa ko ƙanƙara ta kwanta a jikinta daidai iyakar ruwan, wuta kuma ta yi ta raguwa duk da silindar tana da nauyi. Maganin shi ne babbar silinda ko a rage kawunan da ake kunnawa tare. Kwantar da silinda ko girgiza ta ko ɗumama ta da wuta na iya tura ruwan gas cikin regileta, wadda iska kaɗai aka ƙera ta ta sarrafa.

Batun bawul ɗin kariya shi ne inda ruɗani ya fi yawa, domin abubuwa uku daban-daban ake kira da wannan suna ɗaya, kuma babu wanda ke yin aikin ɗan'uwansa. Na farko yana jikin murhu, ana kuma nuna shi a takarda da haruffan FSD ko FFD. Wata siririyar sanda ce mai jin zafi da ke tsaye a gefen kan wuta, kusa da farar ƙusar da ke ba da tartsatsi. Idan wuta ta gasa kan sandar, sandar tana haifar da lantarki ɗan ƙanƙani, na milibolt kaɗan, wanda ya isa ya riƙe wani maganaɗisu da ke barin hanyar gas a buɗe. Wannan ne dalilin da ya sa a irin waɗannan murhuna sai an danna maɓalli an riƙe na 'yan daƙiƙoƙi bayan wuta ta kama. Idan iska ta kashe wutar ko abin da ke cikin tukunya ya tafaso ya zubo a kanta, sandar ta huce, maganaɗisun ya saki, sifirin ya rufe hanyar. Ba ya buƙatar wutar lantarkin gida ko batir, kuma ba a take yake rufewa ba, yakan ɗauki daƙiƙoƙi goma zuwa wasu gommai. Ana gane shi da ido: sanda biyu a gefen kai na nufin akwai shi, farar ƙusa ɗaya tilo kuwa ta kunna wuta ce kawai. Ana kuma iya gwada shi ba tare da an saki gas ba, ta hanyar kunna kan na minti ɗaya, a kashe da maɓalli, sannan a kasa kunne, za a ji ƙaramar ƙara ta "ƙas" lokacin da maganaɗisun ya saki. Ya kamata a duba kowane kai ɗaya bayan ɗaya, domin wasu murhunan obin kaɗai aka sa wa, kawunan sama babu. Ga obin kuwa wannan bawul wajibi ne, saboda akwati ne rufaffe da gas ke iya taruwa a ciki, kuma gas ɗin silinda yana kamawa da wuta tun yana kimanin kashi 2 cikin ɗari na iskar wurin.

Na biyu yana cikin regileta, kuma aikinsa shi ne ya datse gas idan kwararar ta wuce kima, kamar idan tiyo ya fashe ko ya suɓuce gaba ɗaya. Ƙarfin gudun gas ɗin ne ke tura wani ɗan ƙwallo ko faifai ya toshe hanya, sai an rufe an gyara an sake buɗewa, ko an danna maɓallin mayarwa a masu shi. Iyakarsa ita ce ba ya ganin ƙaramar yoyo. Tsagar da ke jikin tiyo, ko kan da wutarsa ta mutu gas yana fita a hankali, duk a wajensa daidai suke da girki na yau da kullum. Wanda ya sayi regileta "mai kariya" ya ɗauka ta maye gurbin sandar jin zafi ya yi kuskure babba. Wannan bawul yana kuma da wata ɗabi'a da ke ruɗa mutane: idan aka buɗe regileta alhali wani maɓallin murhu a buɗe yake, yana iya datsewa nan take, wuta ta fito 'yar mitsitsiya ko ta ƙi fitowa. Abin yi shi ne a rufe maɓallan murhu duka, a rufe regileta, a ɗan jira, sannan a buɗe a hankali.

Na uku yana kan bawul ɗin silinda da yawa, kuma yana sakin gas ne idan matsin cikinta ya hau sosai saboda zafi ko cikawa fiye da kima, don kada ƙarfen ya tsage. Ba ya kare murhu daga komai, kuma yana aiki daidai ne kawai idan silindar tana tsaye kuma an bar mata fili a sama, wanda shi ne dalilin da ake tsaida cikawa a kusan kashi 80 cikin ɗari.

Sai kayan haɗi. Bakin silinda ba iri ɗaya ba ne a duniya. Akwai wanda ake danna masa regileta ta kama, kuma wannan yana zuwa da faɗi daban-daban, milimita 20 da 21 da 22 da 27. Milimita ɗaya ko biyu ba sa bayyana ga ido, shi ya sa regileta mai faɗin 22 takan zauna a kan baki mai 20 kamar ta kama, alhali robar ba ta matse ba. Regiletar da ta dace ba ta girgiza, ba ta fita idan aka ja ta sama, kuma a yawancinsu makunninta ba ya juyawa sai ta kulle sosai. Duk wadda sai an ɗora mata dutse ko an ɗaure ta da roba kafin ta daina huci, ko dai girmanta bai dace ba ko robar da ke bakin silindar ta mutu, kuma a kowane hali ba a kunna wuta a kanta. Akwai kuma masu ɗauri da tiredi, waɗanda da yawansu hagu ake juya su don su ɗauru, ana kuma gane su da 'yar tsagar da aka yi a kusurwoyin noti. Wanda ya tilasta noti a kan tiredin da ba nasa ba, ko ya yi ta naɗa farin tef don ya toshe yoyo, ya lalata bakin ne kawai, domin a waɗannan haɗe-haɗe washa ko dunƙulen bakin ƙarfe ne ke rufe gas, ba tiredin ba.

Regileta ta ƙwarai tana ɗauke da bayaninta a jikinta: irin gas, matsin shiga da na fita, kilo nawa a awa, sunan maƙeri, ranar ƙira, da lambar ƙa'idar da aka gwada ta a kai, kamar EN 16129 ko tambarin hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasar da ake ciki. Ƙa'idar Turai ta murhun girki na gida kuwa ita ce EN 30-1-1, kuma a kayan gas alamar CE ta gaskiya tana tafe da lamba huɗu ta hukumar da ta yi gwajin. Faifan robar da ke cikin regileta yana tsufa ko ana amfani da ita ko ba a yi, don haka ake ba da shawarar sauya ta idan ta kai shekara goma daga ranar ƙira, ko da wuri idan ta fara huci ko wuta ta fara hawa da sauka. Ba a buɗe ta a gyara, kuma ba a toshe ɗan hujin da ke murfinta, domin ta nan faifan ke jin matsin iskar waje. Agogon da ke jikin wasu regiletoci matsi yake nunawa, shi kuma matsi ba ya sauka sosai sai ruwan ya kusa ƙarewa, don haka sikeli ne ke faɗin gaskiyar abin da ya rage, idan aka cire nauyin silinda fanko da aka buga a jikinta. Amfanin agogon na ainihi yana wajen gano yoyo a tsarin da za a iya rufe silinda a bar matsi a cikin layi: idan komai a rufe yake allura kuma tana sauka, gas yana fita ta wani wuri.

Tiyon gas ba a musanya shi da na ruwa ko na iska, domin gas ɗin silinda yana cin wasu nau'o'in roba da leda, ya busar da su har su tsattsage. Na ƙwarai yana da rubutu a tsawon jikinsa mai nuna ƙa'idarsa, kamar EN 16436-1 ko BS 3212, da matsin da yake ɗauka da shekarar ƙira. A ƙa'idar EN 16436-1 aji na ɗaya yana tsayawa ne a bar 0.2, wanda ya isa murhun gida bayan regileta amma bai dace da kan babban matsi ba, aji na biyu yana kai bar 10, na uku bar 30. Faɗin cikinsa, milimita 8 ko 10 a mafi yawan lokaci, dole ya yi daidai da bakin regileta da na murhu duka biyun, a kuma ɗaure kowane gefe da kilif na ƙarfe, ba da waya ba, tunda waya tana yanka roba. Takardun masana'antu da yawa suna tsaida tsawonsa a mita ɗaya da rabi, ba tare da wani haɗi a tsaka ba, kuma kada ya bi ta bayan obin inda ƙarfe ke zafi. Idan bakin gas ɗin murhun yana ɓangaren da ke nesa da silinda, wasu murhunan suna da baki na biyu a ɗaya gefen da ƙwararre zai iya mayar da haɗin can. Ana sauya tiyo bayan kimanin shekara biyar, ko da zarar an lanƙwasa shi an ga tsaga.

Bayan an gama haɗawa, a rufe maɓallan murhu, a buɗe regileta, a shafa ruwan sabulu mai kumfa a bakin silinda, da ƙarƙashin regileta, da kilif biyun, da tsawon tiyon. Kumfar da ke girma tana nuna wurin yoyo, kuma ana ba ta minti ɗaya ko biyu saboda ƙaramar yoyo ba ta saurin bayyana. Gas ɗin silinda ya fi iska nauyi, furofen sau ɗaya da rabi, biyuten kusan sau biyu, don haka ƙasa yake kwanciya, kuma mafitar iska ta kusa da daɓe ta fi tagar sama amfani a wajensa. Idan babu kumfa, sai a kunna kawunan ɗaya bayan ɗaya a duba cewa wutar shuɗiya ce, tana zaune a kan ramukan ba tare da ruri ba, kuma ba ta mutuwa idan aka juya maɓalli da sauri daga babba zuwa ƙarami. Daga nan a kunna su duka tare da obin, a tsaya a ga ko wutar ƙaramin kai ta riƙe girmanta na minti biyar zuwa goma.